An ce kasafi tiriliyan 54, to ina kuɗin suke ajiye?

Malam_Sani_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malamin makaranta ne, shi ya sa duk abin da rediyo ta faɗa ni ake tsarewa da tambaya a majalisarmu bayan la'asar. Wani dattijo a cikinmu ya tambaye ni wani abu na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina. Ya ce ya ji an sa wa kasafin kuɗin 2025 hannu, naira tiriliyan 54.99, alhali na shekarar da ta gabace ta bai kai tiriliyan 29 ba lokacin da aka sa masa hannu. Ya ce to in kuɗin sun ninka, ina ake ajiye su, kuma me ya sa hanyar ƙauyensu da aka ce ta shiga kasafi har yau ko tifa ɗaya ta yashi ba a zuba ba? Don Allah masu ilimin abin ku warware mana da Hausar da zan iya maimaitawa a kan tabarma.

ƊanGoronyo:
Wa alaikumus salam. Malam ai amsar ba ta da nisa, an cinye su ne. Mu da muke noman albasa mun daɗe da sanin haka.

Akanta_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗin gwamnati kafin in ajiye aiki, bari in gwada. ƊanGoronyo, ba na musun ana ci, amma ko da ba a ci ko kwabo ba, tambayar dattijon nan tana nan daram.

Abu na farko da za ka gaya masa shi ne babu wani ɗaki ko asusu da aka tara tiriliyan 54 a ciki ranar da aka sa hannu. Kasafi ƙiyasi ne da izini. Gwamnati ce ke cewa ga abin da nake sa ran samu cikin shekara, ga abin da nake son kashewa, majalisa kuma ta ce mun yarje miki ki kashe har zuwa kaza. Kuɗin kansu wata-wata suke shigowa, in sun shigo.

Mu ɗauki na 2024 tunda shekarar ta wuce, mun ga yadda ta kaya. Wanda aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 2024 tiriliyan 28.78 ne. An ware tiriliyan 8.27 don biyan bashi, 8.77 don ayyukan yau da kullum, wato albashi da fansho da kuɗin tafiyar da ofisoshi, sai 1.74 ga hukumomin da doka ta ce a cire musu nasu kai tsaye kamar ɓangaren shari'a da majalisa da hukumar zaɓe. Manyan ayyuka, irin su hanya da madatsar ruwa da gine-gine, suka samu kusan tiriliyan 10. Kuɗin shigar da aka sa rai kuma tiriliyan 19.6 ne kawai.

Kada ka kai wa dattijo tiriliyan, ka mayar masa da shi naira ɗari. Gwamnati ta ce za ta kashe naira 100, amma abin da take sa ran samu naira 68 ne. A cikin 68 ɗin nan, naira 29 na masu bin ta bashi ne, 30 albashi da tafiyar da ofis, 6 na waɗancan hukumomin. Ka haɗa su, 65 ke nan. Saura naira 3. Manyan ayyuka kuma naira 35 aka rubuta musu. Ka ga ke nan naira 32 daga cikin 35 ɗin sai an ranto su. Wannan 32 ɗin shi ne giɓin da kake ji ana faɗa, tiriliyan 9.18 a waccan shekarar. Hanyar ƙauyen dattijo tana cikin ɓangaren da kusan dukansa a kan rance ya dogara.

Malam_Sani_Mabera:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan lissafin naira ɗarin ya zauna mini. Ashe abin da ke hannu kusan duk ya ƙare kafin a zo kan hanya.

Hajiya_Yar_Kasuwa:
To ni nan ne ban gane ba. Mutum na samun 68, mi zai sa shi rubuta 100? Ni da nake saida atamfa, in na san ribata dubu sittin ce a wata ba ni ɗaukar adashen dubu ɗari. Su rage mana.

Akanta_Mai_Ritaya:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, sai dai ki duba wanne za a rage. Bashin da aka riga aka ci ba ya raguwa don an so, in ka ƙi biya ba mai sake ba ka, masu ba ka ma sai sun tsawwala kuɗin ruwa. Albashi kuma in aka yi wata biyu ba a biya soja da likita da malamin jami'a ba kin san abin da zai biyo baya. In aka ce lallai sai an tsaya a kan 68, abin da za a yanke shi ne manyan ayyuka, a bar su da naira 3. Shi ya sa doka ba ta hana giɓi ba, ta dai yi masa iyaka. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na duk abin da tattalin arzikin ƙasa ke samarwa a shekara, sai in akwai barazana ga tsaron ƙasa, kuma rance ya zama don manyan ayyuka da gina ɗan Adam. Na 2024 da aka gabatar ya kai kashi 3.88, ya haura iyakar.

Bello_Arkilla:
Ni fa nawa ganin, wanga abin da ake kira ayyukan yau da kullum shi ne ɓarnar duka. Kuɗɗin 'yan siyasa ne, motoci da tafiye-tafiye da alawus. A soke rabinshi a zuba ga manyan ayyuka, magana ta ƙare.

Nas_Rabi:
Bello, a'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce, albashina a cikin wannan ɓangaren yake. Man janareto, da iskar numfashi, da safar hannu, da kuɗin mai share ɗakin haihuwa, duk yau da kullum ne. Na taɓa aiki a wani asibitin karkara da aka gina sabo fil, fenti na ƙyalli, an kawo gadaje har da na'urar ɗaukar hoton ciki. Muka yi wata da watanni na'urar na lulluɓe da leda, don babu wanda aka ɗauka ya sarrafa ta, babu kuɗin man da za a kunna wuta. Mata masu juna biyu suna zuwa muna tura su birni a kan babur. An kashe kuɗin babban aiki, an manta da na yau da kullum ɗin da zai raya shi. Har yau in na tuna wasu daga cikin matan nan raina ɓaci yake.

Akanta_Mai_Ritaya:
Malama Rabi ta faɗi gaskiya. Kuma Bello, motocin da kake magana a kai, sayensu a ƙarƙashin manyan ayyuka ake rubuta shi, ba yau da kullum ba. Haka kujerun ofis da kwamfutoci da gyaran gidan gwamnati, har da wasu tarukan horaswa da rabon kekunan ɗinki. Saboda haka in ka ji an ce an ware wa manyan ayyuka kashi 35, kada ka ɗauka duk kwalta ce da gada. Inda kake da gaskiya shi ne kuɗin tafiyar da ofis, tafiye-tafiye da taruka da abinci, nan akwai abin yankewa. Amma kaso mafi girma na yau da kullum albashi ne da fansho, kuma tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a Yulin 2024 nauyin ya ƙaru.

Bello_Arkilla:
Na karɓi gyara a kan motoci, Baba. Amma har yanzu ina ganin akwai ma'aikatan bogi a cikin albashin nan.

Umar_Tambuwal:
Tunda ana maganar kasafi, mu ma'aikatan ƙananan hukumomi yaushe za a daidaita mana ƙarin girma? Shekara nawa ina mataki ɗaya.

Malam_Sani_Mabera:
Malam Umar, Allah ya kawo mafita, amma kasafin tarayya muke magana, naku a na jiha da ƙaramar hukuma yake.

Aliyu_Danfodiyo:
Maganar Malam Umar ba ta fita daga layi gaba ɗaya ba, don mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Ni ɗalibin tattalin arziki ne a jami'ar Ɗanfodiyo. Kuɗin man fetur da harajin kamfanoni da na kwastan ba na gwamnatin tarayya kaɗai ba ne. Asusun tarayya suke shiga, kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna duk wata a Abuja ya raba. Bayan an cire wa jihohi masu mai kashi 13 na kuɗin mai, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. To kuɗin shigar da Baba Akanta ya ce tiriliyan 19.6, rabon tarayya ne da abin da hukumominta ke tarawa da kansu. Rabon Sakkwato da ƙananan hukumominta 23 ba ya ciki, yana cikin kasafin jiha da na ƙananan hukumomin. Don haka kafin dattijo ya yi fushi da Abuja, a fara bincika a wane kasafi aka ce hanyar ta shiga.

Malam_Sani_Mabera:
Na tambaye shi ta waya yanzu. Ya ce ɗan majalisar tarayya ne ya zo ƙauyen ya ce ya sa ta a kasafi, har aka yi kiɗa.

Injiniya_Kware:
To in haka ne bari in gaya muku abin da ke tsakanin "an sa a kasafi" da tifar yashi, don ni ɗan kwangila ne, na sha wannan ruwan. Sunan aiki ya fito a littafin kasafi mataki na farko ne kawai. Sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin kashewa, sai ofishin babban akanta ya tabbatar akwai tsabar kuɗin da za su bi izinin, sai a tallata aikin, a zaɓi ɗan kwangila, a ba shi kafin alƙalami. Kowane mataki aiki na iya maƙalewa.

Na taɓa samun aikin ajujuwa da rijiyar burtsatse daga wata hukuma. Na ranci kuɗi na kammala cikin wata huɗu, aka zo aka duba aka sa hannu a takardar kammalawa. Na yi shekara ɗaya da rabi ina sintiri, amsa ɗaya ake ba ni, izini ya fito amma kuɗi ba su sauka ba. Kafin a biya ni buhun siminti ya kusa ninkawa, abin da na karɓa bai rufe bashin da na ci ba. Leburorina 'yan unguwarmu ne, sai da na sayar da fili na sallame su. Tun daga nan ba na ɗora bulo sai na ga kuɗi a asusu, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Shi ya sa za ka ga an kafa allo a bakin hanya shekara biyu babu ko greda.

Akwai wata dabara kuma da ya kamata dattijo ya sani. Hanyar da za ta ci biliyan biyu sai a rubuta mata miliyan hamsin don dai sunanta ya fito. Ɗan majalisa bai yi ƙarya ba, ta shiga kasafi, amma kuɗin ko share daji ba za su gama ba.

ƊanGoronyo:
Ka ji ko? Ai abin da nac ce ke nan tun farko.

Akanta_Mai_Ritaya:
Ba daidai da abin da ka ce ba ne, ɗana. Injiniya bai ce an fitar da kuɗinsa wani ya cinye ba, cewa ya yi ba su sauka ba. Bambancin yana da amfani, don maganin kowanne daban ne. Ku duba inda 68 ɗin nan ta fito. An gina kasafin 2024 a kan cewa za a haƙo ganga miliyan 1.78 kowace rana, a sayar da ganga dala 77.96, a canza dala a naira 800. Farashin bai ba da kunya ba, amma haƙowar ta yi ta yawo kusa da ganga miliyan 1.5. Kamar manomin albasa ne da ya yi lissafin buhu ɗari ya tashi da tamanin da 'yan kai. Idan abin da ya shigo ya gaza, ba a raba asarar daidai wa daida. Mai bashi zai karɓi 29 ɗinsa cif, ma'aikaci zai karɓi albashinsa, duk raguwar a kan manyan ayyuka take sauka. Alamar da za ka gane haka ta faru ita ce ka ji majalisa na tsawaita wa'adi. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 an ɗaga shi zuwa ƙarshen Yunin 2025, aka sake ɗagawa zuwa ƙarshen Disamba.

Aliyu_Danfodiyo:
Baba, amma ai faɗuwar naira ta ƙara wa gwamnati kuɗi. An yi lissafi a kan 800, dala ta koma wajen 1,500, kowace dalar mai ta kawo naira kusan ninki biyu.

Akanta_Mai_Ritaya:
Haka ne Aliyu, shi ya sa rabon wata-wata ya kumbura. Amma wuƙar baki biyu gare ta. Bashin waje da dala ake biyansa, shi ma ya ninka a naira, haka duk kayan aikin da ake shigowa da su. Wannan ma shi ne amsar rabin tambayar dattijo, ta cewa kuɗi sun ninka. Raba tiriliyan 28.78 da 800, za ka samu kusan dala biliyan 36. Raba 54.99 da 1,500, canjin da aka yi kasafin 2025 a kai, za ka samu dala biliyan 36 da ɗoriya. Lambar ce ta ninka. Kuma a tuna an yi wa na 2024 ƙarin tiriliyan 6.2 a tsakiyar shekara, ya koma wajen 35.

Hajiya_Yar_Kasuwa:
To wa ke ba su bashin nan? Ni na ɗauka duk daga Turawa da China ne.

Aliyu_Danfodiyo:
Mafi yawansa a cikin gida ne, Hajiya. Ofishin kula da basussuka na sayar da takardun lamuni, Babban Banki kuma na sayar da na gajeren zango, kwana 91 ko 182 ko 364. Bankuna da kamfanonin fansho ne manyan masu saye, wato kuɗin ajiyarki da fanshon Malam Sani na cikin abin da ake ranta wa gwamnati. A 2024 an tsara sabon rance na tiriliyan 7.83, sai kusan tiriliyan 1 daga irin su Bankin Duniya wanda ke ɗaure da takamaiman ayyuka, sai ɗan abin da za a samu daga sayar da kadarori. Illar rancen cikin gida ita ce in gwamnati na biyan kuɗin ruwa mai tsoka, banki ba zai kula ɗan kasuwa ba, tunda ga gwamnati da ba ta gudu da kuɗi.

Bello_Arkilla:
Mi zai hana su buga kuɗɗi kawai? Injin na hannunsu.

Akanta_Mai_Ritaya:
An yi abin da ya yi kama da haka, Bello, kuma kai ma ka biya a kasuwa. Dokar Babban Banki ta 2007 ta yarda ya ba gwamnati rancen wucin gadi wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na bara ba, a biya cikin shekarar. Aka yi ta karɓa ba a biya ba har ya kai tiriliyan 22.7, a Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 da kuɗin ruwa kashi 9. Kuɗin da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara ko buhun gero ɗaya a ƙasa ba, farashin geron suke ɗagawa. Ba shi kaɗai ya kawo tsadar da muke ciki ba, amma yana ciki.

Ustaz_Gidan_Igwai:
Abin da ke damuna a duk wannan bayani shi ne riba. Naira 29 cikin ɗari, mafi yawanta kuɗin ruwa. Allah ya yafe mana. Ai akwai sukuk, takardun tara kuɗi na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a cikinsu, me ya sa ba za a koma kansa gaba ɗaya ba?

Injiniya_Kware:
Ustaz, ta fuskar aiki ni shaida ne sukuk ya fi. Na farko na gwamnatin tarayya a 2017 aka yi shi, naira biliyan 100, aka raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida. Kuɗin na ɗaure da hanyar da aka ambata, ba a karkatar da su zuwa albashi, ɗan kwangila na gama kashi ana biyansa. Sai dai ka kwatanta biliyan 100 da giɓin tiriliyan 9. Kuma dole sai da kadarar da za a jingina shi a kai.

Ustaz_Gidan_Igwai:
Ƙanƙantarsa ba hujja ba ce, a faɗaɗa shi. Ban gamsu cewa ba zai yiwu ba.

Aliyu_Danfodiyo:
Ko an faɗaɗa, Ustaz, kuɗin hayar da ake biyan masu sukuk daga cikin 68 ɗin nan zai fito. Ni a ganina ciwon shi ne 68 ɗin ta yi kaɗan, harajin da ƙasar ke tarawa bai kai na ƙasashe da dama na Afirka ba in aka auna da girman tattalin arziki.

Hajiya_Yar_Kasuwa:
Aliyu kada ka jawo muna ƙarin haraji. Rasit nawa nake yanka a shago a shekara, ban ga abin da anka yi da su ba.

Nas_Rabi:
Malam Sani, mu koma kan dattijonka. Ni dai da zan ba shi shawara, a nemo takardar a gani da ido, kada a tsaya kan abin da aka faɗa wurin taro.

Injiniya_Kware:
Haka ne. Ofishin kasafi na tarayya na sa cikakken kasafin a shafinsa. A sauke shi a waya, a nemi sunan ƙauyen, a gwada rubutu biyu ko uku don sukan ɓata sunayen garuruwanmu. Layin aiki yakan fara da lamba mai ERGP a gaba, a gefe an rubuta NEW, wato sabon aiki, ko ONGOING, wato wanda ake kan yi, sai adadin kuɗi. A duba abu uku: nawa aka rubuta, a ƙarƙashin wace hukuma, kuma ya fito a shekarun baya? In ka ga hanya a ƙarƙashin wata kwaleji ko cibiyar bincike da ba ruwanta da hanya, ka san cusa ta aka yi a majalisa, kuma bibiyarta na da wuya. In ka ga ONGOING shekara uku a jere alhali ba a taɓa zuba ƙasa ba, wannan kam sai a rubuta wa hukumar a nemi bayanin nawa aka saki, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana bakwai su amsa.

ƊanGoronyo:
In kun duba kun tarar an saki kuɗɗin fa? Sai ku dawo ku ba ni gaskiyata.

Malam_Sani_Mabera:
In haka ta tabbata zan faɗa a nan, ƊanGoronyo. Aliyu, in kana da sarari ranar Asabar ka zo Mabera da kwamfutarka mu duba na 2024 da na 2025 tare, zan kira dattijon da ɗansa da ya san sunan da ake rubuta ƙauyen da shi a takardun gwamnati. Baba Akanta, lissafin naira ɗarin nan za ka iya yi mana irinsa na 2025?

Akanta_Mai_Ritaya:
Zan yi in sha Allah. Biyan bashi kaɗai a na 2025 tiriliyan 14.32 ne, sauran sai na zauna da takarda bayan isha'i.